Shafi Ɗaya Ya Isa: Nasiha Ga Matasan Kano Ta Kudu Masu Neman Tallafi

Ya ku ƙannena na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, da yawa daga cikinku kun kafa ƙungiyoyi, na manoma da na matasa da na mata, kun yi rajista, kun buɗe asusu a banki, kuna kuma rubuta takardun neman tallafi zuwa hukumomi da gidauniyoyi. Sau da yawa takardar takan kai shafi ashirin, a aika, a yi ta jira, shiru kamar an shuka dusa. Sai a ce ai sai kana da hanya. Ba na musun cewa sanayya tana aiki a wasu wurare, amma takardu da dama suna faɗuwa ne tun a shafin farko, saboda wanda aka ba su ya duba bai gane abin da ake nema ba. A kan wannan shafin nake so mu zauna yau: taƙaitaccen bayanin da ake sawa a gaban takarda, wanda ya ƙunshi buƙata, da ayyuka, da kasafin kuɗi, da sakamakon da ake sa ran samu.

Ku fara da sanin wanda kuke rubuta wa. Mai tantance takardu ma'aikaci ne da aka jibge wa tari a kan tebur, aka ba shi kwanaki kaɗan, aka kuma miƙa masa takardar ba da maki mai gurabe da zai cike. Domin ku ga girman tarin, ku dubi gidauniyar Tony Elumelu, wadda ta fara shirinta a 2015 da ɗaukar mutum 1,000 a shekara daga duk faɗin Afirka tana ba kowa jarin dala 5,000, alhali masu nema dubbai ne a kan dubbai. Ko a nan gida, shiri irin KSADP na noma da kiwo na jihar Kano, wanda Bankin Musulunci ya sa wa kuɗi, ƙananan hukumomi 44 ne suka zuba masa ido. Mutumin da yake cikin irin wannan hali ba zai karanta kowace takarda daga bango zuwa bango ba. Yana yin abin da mai sayen masara yake yi a kasuwa ne: ya soka ƙarfe a cikin buhu, ya zazzago ɗan abin da ya fito a tafin hannunsa, ya duba, ya yanke wa buhun hukunci. Taƙaitaccen bayaninku shi ne wannan ɗan abin da ya fito. In ya ga tsaba mai kyau zai kwance buhun, in ya ga tsakuwa ya wuce na gaba.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, sassan nan huɗu ba tambayoyi huɗu ne mabambanta ba. Sarƙa ɗaya ce. Kowane aiki dole ya zama maganin wani abu da kuka ambata a cikin buƙata, kowace naira dole ta rataya a wuyan wani aiki, sakamako kuma dole a auna shi da ma'aunin da aka auna buƙata. Gogaggen mai tantancewa yakan karanta daga sama zuwa ƙasa sau ɗaya, sannan ya dawo daga ƙasa zuwa sama yana neman inda sarƙar ta katse. Bari mu bi misali guda tun daga farko har ƙarshe, domin gani ya kori ji.

A ce ku ƙungiyar manoma ce ta gidaje 60 a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Doguwa, inda masara take ita ce abinci, ita ce kuɗi. Damuwarku ita ce ɓarnar da ƙwari suke yi wa masarar da aka ajiye. Duk lambobin da zan kawo na gidaje da buhuna da farashi na misali ne kawai. Naku sai kun ƙirga da kanku, kun kuma shiga kasuwa kun tambaya.

Buƙata

Ga yadda aka saba buɗe irin wannan takarda: "Doguwa ƙaramar hukuma ce mai daɗaɗɗen tarihi a kudancin jihar Kano, hedikwatarta Riruwai ta shahara da haƙar kuza, ga dajin Falgore, al'ummarta manoma ne masu ƙwazo amma suna fama da talauci da rashin aikin yi da rashin hanyoyi da ƙarancin taki." Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, amma babu abin da mai tantancewa zai ba maki. An lissafa matsaloli huɗu, ba a faɗi wadda kuɗin zai taɓa ba. Haka mutumin Bebeji yake cinye rabin shafi yana ba da labarin yadda aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, alhali abin da yake nema injin ban ruwa ne guda biyar. Tarihin garinku abin alfahari ne, amma wurinsa cikin cikakkiyar takarda. A shafin farko jimla ɗaya ta isa ta nuna inda kuke.

Buƙatar da za a iya ba maki tana amsa tambayoyi huɗu a cikin jimla uku ko huɗu: wa abin ya shafa, mene ne yake faruwa da su, nawa ne girmansa, kuma me ya jawo shi. Ta ukun ce take ba ku wahala, domin sai an tashi an ƙirga. Ku ɗauki littafi, ku bi gidajen nan 60 ɗaya bayan ɗaya, ku tambayi kowane maigida buhu nawa ya ajiye a kakar bara, buhu nawa kuma ya lalace har ya ƙi ciwuwa ko ya ƙi sayuwa a farashin kasuwa. Kada ku tsaya a bakin zaure. Ku nemi izini ku aika 'yan'uwanku mata su shiga su ji daga bakin matan gida, domin su ne suke buɗe buhu a watan Afrilu su tarar masara ta koma gari, su zuba a faifai suna sheƙewa, ƙwari suna tafiya a kan hannunsu, ƙwayar da ta rage duk huda. Su suka san buhu nawa aka juye wa kaji. A ce da kuka tattara sai kuka samu an ajiye buhu 600, an yi asarar 60. To, yanzu kuna da buƙata: buhu ɗaya cikin kowane goma.

Ku faɗi inda lambar ta fito. "Mun bi gidajen mambobinmu 60 a watan Mayu mun ƙirga" ya fi ƙarfi a idon mai tantancewa a kan alƙaluman ƙasa baki ɗaya da aka kwaso daga wani rahoto, domin waɗancan kowa yana iya kwafa, wannan kuwa ku kaɗai kuke da shi. In kun san malamin gona na KNARDA da yake kula da yankinku ya ga lissafin, ku ambata cewa ya gani, amma sai in da gaske ya gani.

Sai dalili, kuma a nan ake yawan zamewa. Za ku ji an rubuta "matsalarmu ita ce rashin buhunan ajiya na zamani". Wannan ba matsala ba ce, maganin ne aka juya shi ya zama kuka. Matsalar ita ce asarar masara. Dalilanta kuwa biyu ne a misalinmu: ana shanya ta a ƙasa a zuba a buhu ba ta gama bushewa ba, kuma buhun da ake amfani da shi iska tana ratsa shi, ƙwari suna numfashi suna hayayyafa a ciki. Ku lura da dalilan nan biyu da kyau, domin su ne ƙugiyoyin da ayyukanku za su rataya a kansu.

Ayyuka

Tunda dalili biyu kuka faɗa, to ayyukanku su amsa biyun, kada su ragu, kada su ƙaru da abin da ba a ambata ba. Na farko, shanya: tamfol 12, gida biyar su yi tarayya a kan ɗaya, da na'urar auna danshi guda 2. Na biyu, ajiya: buhun PICS guda 600. Wannan buhu masana na Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fito da shi, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007 domin ajiyar wake, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa masara da sauran hatsi, kuma ana yin sa a nan Kano. Ninki uku ne, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Ana zuba hatsi, a matse iska, a murɗe bakin ledar ciki a lanƙwasa a ɗaure, sannan ta biyu, sannan na waje, kowanne da ɗaurinsa daban. Iskar da ta rage sai ta ƙare, ƙwarin su daina ci da hayayyafa, su mutu, ba tare da an sa maganin ƙwari ba.

Duk wannan bayani ku za ku sani, amma a taƙaitawa rabin jimla zai samu: "buhu mai ninki uku da yake kashe ƙwari ta hanyar toshe iska". Saura ya tafi cikin cikakkiyar takarda. Abin da sanin zai amfane ku da shi a shafin farko shi ne ya hana ku barin giɓi. Wanda ya san buhun ya san ba ya busar da hatsi. In aka ɗaure masara da danshi a ciki, ruɓewa za ta yi. Ana so danshinta ya sauka zuwa kimanin kashi 13 cikin ɗari kafin a rufe. Saboda haka duk takardar da ta nemi buhu ba ta yi maganar shanya ba, mai tantancewar da ya san harkar noma zai gane nan take cewa masu ita ba su taɓa riƙe buhun ba. Haka nan ya san ɓera yana huda leda, kuma leda mai huda ta tashi daga aiki, don haka zai nemi ya ga an ambaci katakon da za a jera buhuna a kai, nesa da ƙasa da bango.

Kowane aiki ku rubuta shi da abubuwa huɗu: me za a yi, guda nawa, wa zai yi, wane wata. "Za mu wayar da kan manoma" ba ta da ko ɗaya daga cikin huɗun. "A watan Satumba malamin gona zai koyar da magidanta 60, rukuni biyu na mutum 30, kowane rukuni kwana biyu, yadda ake shanya da gwajin bushewa da ɗaurin buhu" tana da su duka. Kalmomi irin su wayar da kai, ƙarfafa gwiwa, bunƙasa da inganta, duk inda kuka gan su a wannan sashe ku tsaya ku tambayi kanku: ranar da za a yi wannan aiki, in mutum ya zo da kyamara, hoton me zai ɗauka? In babu amsa, ku goge jimlar.

Maganar wata kuma ba ado ba ce. Aikin gona ba ya jiran sa hannun kowa. In ana girbin masara a wajen Oktoba, kuma ana rufe buhuna a Nuwamba, to kuɗin da ya zo a Janairu ya zo bayan ƙwari sun shiga. Ku rubuta ƙarara cewa ana buƙatar kuɗin kafin ƙarshen Agusta. Wannan jimla tana nuna wa mai tantancewa kun san aikinku, tana kuma taimaka masa ya ga ko jadawalin hukumarsa ya dace da naku.

Kasafin kuɗi

Cikakken kasafi yana cikin takarda, layi-layi, kowane layi da adadi da farashin guda da jimilla. A misalinmu ga yadda yake. Buhu 600 a kan naira 4,000 ya kama 2,400,000. Tamfol 12 a kan 35,000 ya kama 420,000. Na'ura 2 a kan 90,000 ta kama 180,000. Abincin mutum 60 na kwana biyu a kan 2,500 ya kama 300,000, kuɗin mota da alawus na malamin gona na kwana huɗu 60,000. Ziyarar bibiya sau ɗaya a wata har wata shida a kan 15,000 ta kama 90,000. Dako daga Kano ta Kwanar Dangora zuwa ƙauye 150,000, katako da gyaran ɗakin ajiya 250,000, sai tanadi domin tashin farashi 150,000. Jimilla naira miliyan 4.

A taƙaitawa ba za ku kwashe layukan nan tara ba. Lambobi uku ne na wajibi: nawa ne kuɗin aikin gaba ɗaya, nawa kuke nema, nawa ku za ku kawo. Daga nan ku dunƙule abin da kuke nema gida uku ko huɗu bisa ga ayyukan da kuka riga kuka faɗa: kayan shanya da ajiya 3,000,000, koyarwa da bibiya 450,000, tanadi 150,000. Ya zama 3,600,000. Sauran 400,000 na dako da katako ku ne za ku ɗauka, wato kashi 10 cikin ɗari. Irin wannan gudummawa ba baƙuwa ba ce a harkar tallafi. Shirin CSDP na Bankin Duniya da ya fara aiki a Najeriya a 2009 haka ya tsara, al'umma ta kawo kashi 10 na kuɗin aikinta, da kuɗi ko kaya ko ƙarfin jiki. Mai bayarwa yana so ya ga kun sa naku, domin wanda ya zuba guminsa a cikin abu ba ya barin sa ya lalace.

Akwai kurakurai uku da suke kashe takarda a wannan wuri, kuma dukansu ana gano su cikin minti ɗaya. Na farko, jimillar da take shafin farko ta saɓa da wadda take cikin cikakken kasafi. Yana faruwa ne idan an gyara farashi a ciki aka manta ba a gyara a gaba ba. Mai tantancewa ba zai tsaya binciken wacce ce daidai ba, zai ce waɗanda ba su iya haɗa lissafin takarda ba ba za su iya riƙe kuɗi ba. Na biyu, layin da ba shi da uba a cikin ayyuka. Kwatsam sai a ga babur ko kwamfuta ko kujerun ofis, alhali babu inda aka ce za a yi wani aiki da su. In babur ɗin na ziyarar bibiya ne, to kuɗin ziyarar za ku nema, wanda bai kai ko kusa da kuɗin babur ba. Na uku, neman abin da mai bayarwa ya riga ya ce ba ya biya. Alal misali, tallafin ƙananan ayyuka na ofishin jakadancin Japan ba ya ɗaukar albashin ma'aikatan ƙungiya da kuɗin tafiyar da ofis. Kowace hukuma tana da irin wannan jeri a cikin sanarwarta, har da iyakar abin da za a iya nema. Ku karanta shi kafin ku ɗora alƙalami a kan takarda.

Akwai kuma lissafin da mai tantancewa zai yi a gefen takardarku ko kun so ko ba ku so ba: ya raba kuɗin da yawan masu amfana. Naira 3,600,000 a kan gida 60 ya ba da 60,000 kowane gida. Ku riga shi yi, ku rubuta masa. In lambar ta ba ku kunya da kuka gan ta, to ba taƙaitawar ce take da matsala ba, tsarin aikin ne, sai ku koma ku gyara shi.

Sakamakon da ake sa rai

Nan ne sarƙar take haɗuwa. Mafi yawan takardu sukan faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu. Wasu su maimaita ayyuka: an raba buhu 600, an koyar da mutum 60. Wannan abin da aka yi ne, bai gaya mana abin da ya canza ba. Ana iya raba buhu 600 a same su bayan wata guda an zuba taki a ciki. Wasu kuma su yi tsalle zuwa sama: za a kawar da talauci, za a samar da wadatar abinci a jihar Kano. Naira miliyan 4 ba za ta yi wannan ba, kuma mai karantawa ya sani.

Sakamako na gaskiya yana tsakanin biyun, kuma hanyar samun sa mai sauƙi ce: ku koma kan lambar da kuka sa a buƙata, ku faɗi inda za ta koma, da yaushe, da yadda za a tabbatar. Kun ce buhu 60 cikin 600 suna lalacewa. To ku ce zuwa ƙarshen Afrilu asarar ba za ta wuce buhu 12 ba. Kada ku ce sifili, domin cikin gida 60 ba za a rasa wanda ɓera zai yi wa ɓarna ko wanda zai riƙa buɗe buhu yana ɗiba ya manta bai ɗaure ba. Wanda ya bar wa kuskure wuri ya fi kama da wanda ya san aikin. Hanyar tabbatarwa kuwa ita ce littafin da kuka fara da shi, da ranar buɗe buhu a bainar jama'a, a gaban mai unguwa da malamin gona, a kwance ɗauri kowa ya sa hannu ya gani.

Daga nan ku juya sakamakon zuwa kuɗi, da gaskiya. Buhu 48 aka tsirar. In buhu yana kan naira 50,000 a lokacin, ya zama 2,400,000 a kaka ɗaya, wanda bai kai miliyan 4 da aka kashe ba. Kada ku ɓoye wannan. Ku ce buhun, in an kiyaye shi daga huda, ana sake amfani da shi a kaka ta biyu har ta uku, don haka zuwa kaka ta biyu jimillar abin da aka tsirar za ta kai 4,800,000, ta zarce kuɗin aikin. Sai ku ƙara jimla ɗaya a kan abin da zai faru bayan tallafi ya ƙare, misali kowane gida zai riƙa zuba wani abu a asusun ƙungiya a kowace kaka domin maye gurbin buhunan da suka huje. Masu bayarwa suna tsoron aikin da zai mutu ranar da suka juya baya.

Yadda shafin zai fito

In an haɗa duka, ga abin da mai tantancewa zai gani:

"Mu ƙungiyar manoma ce mai rajista, ta gidaje 60 a ƙaramar hukumar Doguwa, jihar Kano. Muna neman naira 3,600,000 domin rage asarar masarar ajiya cikin wata tara, daga Agusta zuwa Afrilu. Ƙirgen da muka yi gida-gida ya nuna a kakar bara mambobinmu sun ajiye buhu 600, buhu 60 suka lalace, saboda ana ajiye masarar ba ta gama bushewa ba, a cikin buhunan da ƙwari suke hayayyafa. A Satumba malamin gona zai koyar da magidanta 60 shanya da gwajin bushewa da ɗaurin buhu. A Oktoba za mu raba tamfol 12 da na'urar auna danshi 2, a Nuwamba mu rufe masara a buhun PICS 600, mai kashe ƙwari ta hanyar toshe iska, sannan mu riƙa zagayawa kowane wata har Afrilu. Kuɗin aikin naira 4,000,000 ne. Mu za mu kawo 400,000 na dako da katako. Abin da muke nema: kayan shanya da ajiya 3,000,000, koyarwa da bibiya 450,000, tanadin tashin farashi 150,000, wato 60,000 kowane gida. Zuwa ƙarshen Afrilu asara za ta sauka daga buhu 60 zuwa 12 ko ƙasa da haka, za a tabbatar da littafin ƙungiya da buɗe buhuna a gaban mai unguwa da malamin gona. Buhunan za su sake aiki a kaka mai zuwa, mambobi kuma za su riƙa zubi domin maye waɗanda suka huje. Muna buƙatar kuɗin kafin ƙarshen Agusta saboda lokacin girbi."

Ku lura cewa adadin kuɗin da ake nema ya fito tun a jimla ta biyu. Al'adarmu ta roƙo takan sa mu yi ta kewaye, mu gaisa, mu yi yabo, mu kawo buƙata a ƙarshe cikin kunya. Wannan ladabi ne a zauren babba, amma a kan takarda wahalar da mai karatu ne. Gaisuwa da godiya ku sa su a wasiƙar da take raka takarda.

Wannan tsari bai tsaya a kan masara ba. Matan Kiru da suke neman injin niƙa, ko manoman rani na kusa da Tiga, ko masu neman gyaran rijiyar burtsatse a wani ƙauye na Tudun Wada, duk hanyar ɗaya ce, lambar ce kawai take canzawa: awa nawa ake ɓatawa wajen neman ruwa a yau, awa nawa za a riƙa ɓatawa bayan an gyara.

Sauran shawara biyu. Ta farko, ku rubuta taƙaitawar a ƙarshe, bayan cikakkiyar takarda da kasafi sun zauna, kuma kada ku sa mata ko lamba ɗaya da ba ta cikin takardar. In da Turanci za a miƙa, ku fara tsara ta da Hausa har sai kowane mamba ya gane ya yarda, sannan a juya. Kada ku miƙa wa mai shagon buga takardu ya ɗauko muku ta wasu ya canza suna, domin ranar da aka zo ziyarar gani da ido ku za a tambaya, ba shi ba. Ta biyu, ku gwada ta kafin ku aika. Ku ba wani wanda bai san aikin ba, malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti, ya karanta sau ɗaya, ku karɓe takardar, ku tambaye shi: mece ce matsalar, me za a yi, nawa ake nema, me zai canza? Duk tambayar da ya yi inda-inda a kanta, wannan sashen ne bai nuna ba, ku koma ku gyara shi. Bayan haka mutum biyu daban su sake haɗa lissafin da kalkuleta.

Ƙannena, lambar da kuka rubuta a shafin nan alkawari ce, kuma amana ce da za a tambaye ku a kanta, a nan duniya da gobe kiyama. Kada ku kumbura asara domin a tausaya muku, kada ku kumbura sakamako domin a yaba muku, kada ku ƙara gida ko ɗaya da ba ku taka ƙafa kun shiga ba. Ƙungiyar da ta ce buhu 12 aka zo aka tarar 12, ita ake kira a zagaye na gaba. Ku ɗauki littafi da biro ku fara ƙirgen tun wannan kakar, kafin sanarwar tallafi ta fito. Allah Ya yi muku jagora, Ya sa albarka a cikin abin da kuka noma.